Abin da shafi na uku na takardar ɗaukar aiki ya koya mini

Ranar da wani kamfani a Abuja ya aiko mini da takardar ɗaukar aiki, idona bai wuce shafin farko ba, inda aka rubuta cewa jimillar abin da zan samu a shekara naira 6,000,000 ne, ga kuma naira 600,000 da za a ba ni nan take a matsayin kuɗin sa hannu. Na raba adadin gida goma sha biyu, na ga naira 500,000 a wata, na sa hannu a daren, har na kama hayar gida bisa wannan lissafi. Sharuɗɗan da suka rushe lissafin suna shafi na uku, kuma ban karanta su da natsuwa ba sai da albashin farko ya shigo.

Abu na farko da na gano shi ne cewa naira 1,200,000 daga cikin jimillar bonas ne, wanda takardar ta ce kamfani “yana iya” biya idan ya ga dama. Tsakanin “zai biya” da “yana iya biya” akwai tazara mai nisa, domin na farko bashi ne a kan kamfani, na biyu kuwa kyauta ce wadda ba ka da hurumin nema idan an hana ka. Da aka cire shi, tsayayyen albashina ya koma naira 400,000 a wata, kafin a cire haraji da kashi 8 cikin 100 da Dokar Fensho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri.

Sai batun lokacin gwaji. An rubuta cewa wata shida ne, ana biyan kashi 80 cikin 100, wato naira 320,000. Wannan ma da sauƙi, da ba don jimlar da ta biyo baya ba, wadda ta ce gwajin ba ya ƙarewa sai an ba ma'aikaci takardar tabbatarwa a rubuce. Na fara aiki a watan Afrilu, ya kamata a tabbatar da ni a ƙarshen Satumba, amma takardar ba ta fito ba sai Janairu, ba don na yi wani laifi ba, sai don shugaban sashenmu bai cike fom ɗin tantancewa ba. Wata uku na jinkiri ya ci mini naira 240,000, kuma babu inda aka rubuta cewa za a biya cikon. Ya kuma ci mini bonas ɗin gaba ɗaya, tunda sai wanda aka tabbatar kafin ƙarshen Disamba ake sawa cikin rabo. A shekarar farko albashina duka ya tsaya a naira 4,080,000.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne kuɗin sa hannu, domin na ɗauke shi kyauta, ashe kusan rance ne. Sharaɗin ya ce duk wanda ya bar aiki “bisa kowane dalili” kafin wata 24 zai mayar da kuɗin cikakke. Kalmomin nan uku sun haɗa har da sallamar da kamfani zai yi da kansa idan ya rage ma'aikata, wato ana iya sallamar ka kuma a biyo ka bashi. “Cikakke” kuma yana nufin adadin da ke takarda, ba abin da ya shiga asusuna bayan an cire haraji ba. Na ajiye aikin a wata na 14, na biya naira 600,000, aka fara da riƙe albashina na ƙarshe kamar yadda takardar ta ba su izini. Da a ce sharaɗin ya tanadi ragewa gwargwadon watannin da aka yi, da wata 10 da suka rage kawai zan biya, wato naira 250,000. Na yi tunanin zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, amma lauyan da na tuntuɓa ya nuna mini sa hannuna a ƙasan shafin, ya ce mini shari'ar za ta yi wuya, kuma tana iya cin fiye da kuɗin da nake nema.

Da wani wurin ya ɗauke ni daga baya, na nemi kwana uku kafin in amsa, na kuma roƙi gyara uku a rubuce: a sa ranar da gwaji zai ƙare ko an ba da takardar tabbatarwa ko ba a bayar ba, a riƙa rage kuɗin da zan mayar wata-wata, kuma kada sharaɗin ya hau kaina idan su ne suka sallame ni ba tare da laifi ba. Sun amince da biyu na farko, suka ƙi na uku. Jami'ar da ke kula da ma'aikata ta ce in kwantar da hankalina, ba su taɓa karɓar kuɗin daga wanda suka sallama ba. Na ce mata, “Hajiya, tunda haka ne, a rubuta mana.” Ta yi dariya, ba ta rubuta ba, ni kuma na karɓi aikin, na ajiye kuɗin sa hannun a wani asusu dabam har wa'adin ya cika.