Yadda Muke Raba Ganyen Darbejiya Da Sararin Sama A Hoto

Rabin hotunan biki da ake kawowa shagonmu a nan Ringim ƙarƙashin darbejiya aka ɗauke su, mai hoto kuma ya ce a canza masa sama. Masu aikin araha sai su kama Magic Wand da Eraser su yi wa bishiyar aski, tsohuwar sama na leƙowa ta tsakanin ganye. Mu ba ma fitar da irin wannan.

Ga hoton ango cikin farar babbar riga, bishiya a bayansa. A Photoshop ka buɗe Channels, ka duba Red, Green da Blue ɗaya bayan ɗaya. Yawanci Blue ake ɗauka, domin sama na cike da shuɗi sai ta fito fari, ganye kuwa shuɗinsa kaɗan ne sai ya yi duhu. Ka kwafi Blue ɗin, a kan kwafin za ka yi aiki. In ka taɓa na asali, launin hoton ya lalace.

Danna Ctrl+L, Levels ya buɗe. Matso da alamar baƙi daga 0 zuwa wajen 80, ta fari daga 255 zuwa wajen 190, kana kallon bakin ganye a 100%. Nan gwanintar take. In ka matse su har suka kusa haɗuwa, ƙananan rassa su ɓace, bakin ganye ya koma kamar haƙoran zarto. Gara ka bar ɗan toka-toka, ka bi shi da Brush a Overlay, Opacity 30%: baƙi a kan ganye, fari a kan sama. Rigar ango ma fari take fitowa, don haka ka mayar da Brush Normal ka shafe ta da baƙi, in ba haka ba ta tafi tare da saman.

Sai Ctrl+I, ganye da ango su koma fari, domin fari shi ake zaɓa. Riƙe Ctrl ka danna hoton kwafin, ka koma RGB, ka sa Layer Mask, sabuwar sama a ƙarƙashi. In farin zare ya rage a bakin ganye, yi wa mask ɗin Filter > Other > Minimum na fiksel 1.

Lokacin hunturu sama fari fat take da hazo, sau da yawa duhunta kawai ake so a ƙara. Ctrl+Alt+2 na zaɓar wurare gwargwadon haskensu. Ka ɗora Curves a kai ka ja ƙasa, sama ta yi duhu, ganye bai canza sosai ba. Rigar dai sai ka sake kāre ta da baƙi.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne hoton da ya zaga wayoyi ta WhatsApp. An matse shi, Blue ɗinsa duk dabbare-dabbare, bakin ganye ya narke, ga mai shi yana cinikin ragi. Don Allah a turo shi a Document, ko a zo da memorin kyamarar.