Dambun da na zubar a Lille saboda kuskuren lissafi

Yau wata bakwai ke nan, ina zaune a tsakar gidanmu a Tawa ina hutun ƙarshen shekarar karatu, amma duk lokacin da Inna ta ɗora madambaci a wuta sai na tuna tukunyar dambun da na juye a kwandon shara a ɗakina na ɗalibai a Lille, kuma har yanzu raina yana ɓaci.

Sanyin farko da na yi a Faransa ya ƙara mini kilo 7, domin burodi da cuku da soyayyen dankali ne abincina safe da yamma. Likitar da ta duba ni ta shawarce ni in riƙa lura da kalorin da nake ci, saboda haka na sayi ƙaramin sikelin girki na fara auna komai. Abincin kanti bai taɓa ba ni wahala ba, tunda a jikin kowane kwali an rubuta adadin kalori, watau kcal, na giram 100. Wahalar ta zo ne ranar wata Lahadi a watan Janairu da kewar gida ta taso mini, na ji ba abin da nake so sai dambu.

Na tafi kasuwar Wazemmes na yi ta zagaye, ban samu tsakin gero ko ganyen zogale ba, sai garin zogale mai tsada wanda ba ya yin dambu. Na dawo da kuskus na alkama maimakon tsaki, daskararren alayyafo maimakon zogale, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba maimakon ƙuli-ƙuli, da jar albasa wadda ƙamshinta bai kai na albasar Galmi ba. Matsamin taliya na ɗora a bakin tukunya ya zama madambaci. Dambun ya yi daɗi fiye da yadda na zata, ko da yake ɗan ɗacin nan na zogale babu shi.

Sai da na cinye na koma ga lissafi. Kafin in ci na auna abin da na zuba a kwano, giram 500 ne. Na ɗauki kwalin kuskus na ga 360 a kowane giram 100, na ninka sau biyar, sai ga 1,800. A jikin kwalayen nan ana rubuta cewa 2,000 ne ma'aunin babban mutum a yini guda, ke nan a ganina na cinye kusan abincin yini a zama ɗaya. Hankalina ya tashi. Na tashi na juye ragowar tukunyar, abin da zai ishe ni cin dare da na washegari, ni da aka yi wa tarbiyya a gidan da ko ƙwayar hatsi ta faɗi ƙasa sai an tsince ta. Bayan haka na yi mako bakwai ban girka abincin gida ba, na yanke wa dambu hukuncin laifin da bai aikata ba, na koma kan burodi da cukun da suka ƙara mini nauyin tun farko.

Wata ɗaliba 'yar Maraɗi da ta girme ni, wadda take karatun harhaɗa magunguna, ita ta gano kuskuren lokacin da na ba ta labari. Ta ce: «Ƙanena, lambar da ke jikin kwalin ta busasshen kuskus ce, kai kuwa dafaffe ka auna. Ruwan da ya sha fa, shi ma ka ba shi kalori?» Na yi shiru, domin abin a fili yake. Kuskus yana shan ruwan da ya fi nauyinsa, ruwa kuma ba shi da kalori ko ɗaya, ga alayyafo da ya cika rabin kwanon ni kuwa na lissafa shi duka a matsayin garin alkama. Ta nuna mini cewa ko a manhajojin waya akan raba su biyu, ɗaya an rubuta cru, ɗaya cuit, watau ɗanye da dafaffe.

Lahadin da ta biyo baya na sake girkawa, wannan karon ina auna kowane abu kafin ya shiga wuta. Busasshen kuskus giram 300 ya ba da 1,080. Alayyafo giram 450 ya ba da kimanin 110 kawai, albasa giram 150 kuma kimanin 60. Mai na auna kwalbarsa kafin in zuba da bayan na zuba, na ga giram 60 suka tafi, kuma tunda kowane giram na mai kalori 9 ne, ya zama 540. Gyaɗar kwalba giram 60 ta ba da kimanin 360. Jimillar tukunya 2,150. Da ya dahu na auna shi, na cire nauyin tukunyar da na riga na rubuta, ya rage giram 1,250, ke nan 172 a kowane giram 100. Kwanon nan na giram 500 da ya firgita ni 860 ne, bai ma kai rabin abin da na lissafa ba. Da na san wannan alama da ban yi asara ba: abincin hatsi da ya sha ruwa, aka kuma cika shi da ganye, ba zai yi nauyin kalori daidai da busasshen garinsa ba, idan lissafi ya nuna haka to an haɗa ɗanye da dafaffe.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne inda kalorin suka taru. Mai da gyaɗa giram 120 ne kawai a cikin 1,250, ba su kai kashi ɗaya cikin goma na nauyi ba, amma su ke ɗauke da 900 daga cikin 2,150. Su ne ban ko kalla ba a ranar farko. Da na kira Inna na gaya mata da me na maye ƙuli-ƙuli, sai ta ce: «Ai ɗan nan, ƙuli sai an matse tunkuza an fitar da manta ake soya shi. Kai ka zuba gyaɗa da manta duka, sannan ka ƙara wani man a kai.» Ba ta taɓa jin kalmar kalori ba, amma ta faɗi abin da sikelina ya ɗauki wata biyu kafin ya nuna mini: kimanin rabin nauyin gyaɗar kwalba mai ne, don haka na zuba mai sau biyu.

Na gwada rage kowanne zuwa giram 30, dambun ya bushe yana tsaya mini a wuya, domin kuskus na alkama ba ya riƙe laushi idan ya huce. Na tsaya a giram 40 na mai da 40 na gyaɗa, ina barin ɗan ruwan alayyafon ba na matse shi sarai. Tukunyar ta sauko zuwa 1,850, kwanon giram 400 kuma kimanin 610, shi nake ci kowace Lahadi har na taso. Wannan lissafi kimantawa ce, tunda ruwan da ke fita a turare yana bambanta kullum, shi ya sa nake sake auna dafaffen kowane girki.

Jiya Inna ta shanya mini zogale a kan tabarma a inuwa, ta kuma aika a soyo ƙuli-ƙuli kilo 2 da zan koma da shi. Shi ba shi da kwali balle lamba a jikinsa, kuma man da ke saura a cikinsa ya danganta da hannun wadda ta matse tunkuzar, saboda haka zan lissafa shi ƙasa da gyaɗar kwalba, in kuma ci gaba da auna man da nake zubawa.