Yatsa shida a jikin banar tela

Har yanzu in na tuna banar nan raina ɓaci yake yi. Wani tela maƙwabcin shagona ya kawo hotonsa sanye da farar shadda, ya ce in mayar masa da ita kaftani ruwan toka mai aiki a wuya, zai yi tallan ɗinkin Sallah. Na yi aikin a Stable Diffusion, wata manhajar AI mai zanawa da gyaran hoto, na leƙa shi a waya, na tura wa masu bugawa. Sai da aka rataye ta a ƙofar shago wani yaro ya ƙirga yatsun hannun dama, ya ce shida ne. Bugu na biyu daga aljihuna ya fita.

Laifin nawa ne. Da nake shafe rigar da burushi don nuna wa manhajar inda za ta canza, garin sauri na haɗa da hannunsa da ke ɗore a kan ciki. Duk abin da ka shafe, manhajar sake zana shi take yi, ga shi Denoising strength, lambar da ke ƙayyade yawan canjin da za ta yi, yana kan 0.75. Hannu kuwa ɗan wuri ya ci a hoton, sai ta yi ta kame-kame.

Da zan gyara, na sake wata wautar. Na zaɓi Only masked, wato ta mai da hankali kan inda na shafe kawai, na sauke lambar zuwa 0.4, na yi ta gwadawa har bayan isha'i. Yatsun sun koma biyar, amma hannun wani ne daban, zoben azurfarsa ma ya ɓace. Can na tuna ai hannunsa na gaskiya yana nan a hoton asali! Na ɗora asalin a kan sabon a Photoshop, na rufe shi da baƙin Layer Mask mai ɓoye shi gaba ɗaya, na bi hannun kaɗai da farin burushi don ya bayyana. Minti biyar. Abin da ya rage ɗan duhunta ƙarƙashin bakin hannun riga ne, don in babu inuwa sai ka ga kamar liƙa shi aka yi.

Kafaɗa kuma ta yi dishi-dishi, saboda Mask blur, mai laushe gefen inda aka shafe, da na kai 16 don ɓoye mahaɗa, sai launin bango ya narke cikin yadin. Na mayar da shi 4, na shafe siririn layi a gefen kawai, na sake da Denoising strength a kan 0.35.

Mahaɗar wuya ta fi wuyar ganewa. Sabon yadin sumul yake, fatar kuwa tana da ɗigo-ɗigon kyamarar waya. Add Noise na Photoshop, mai ƙara ɗigo-ɗigo, kashi 2 cikin ɗari, da Monochromatic a kunne don kada ɗigon ya zo da launi, a kan rigar kaɗai, ya daidaita su.

Telan bai daina tsokanata ba. Duk safiya sai ya ɗago min hannu daga kan keke, ya ce, "Malam, ƙirga mana."