Ginshiƙai goma sha biyu ba suna ba take: daga ina ake fara bayani?

Masu aikin ƙididdiga da malamai sun san irin wannan saƙo. Wani ya turo hoton jadawali ta waya, an yanke kansa da gefensa, ba take, ba rubutun da ke faɗin abin da aka auna, sai tambaya ɗaya a ƙasa: "Don Allah me wannan yake nufi?" Babban darasin da aikin ke koyarwa shi ne a raba abin da ido ya gani da abin da zuciya ta zata, domin zaton yakan riga ido sauri.

A ɗauki misali. Hoto ne mai ginshiƙai goma sha biyu, a gefen hagu akwai lambobi 0, 100, 200, 300. Ukun farko babu komai, na huɗu ɗan kaɗan, daga na biyar suka fara tsawo, na takwas ya fi kowa, ya kusa 300, na goma ya yi ƙasa sosai, biyun ƙarshe kuma fanko. Iyakar abin da hoton ya faɗa ke nan, kuma da shi ya kamata a fara amsa.

Sai a shiga zato, amma da hujja. Goma sha biyu ta fi kama da watannin shekara. In haka ne, abin da yake babu shi daga Nuwamba zuwa Maris, ya kai ƙololuwa a Agusta, ya yi daidai da ruwan sama a wuri irin Kano, kuma lambobin na iya zama milimita. Ba Legas ba ce, don can damina takan yi tashi biyu, ruwa ya ɗan lafa a wajajen Agusta. To me ya hana ya zama farashin gero, tunda shi ma yana tsada a tsakiyar damina kafin kaka? Abin da ya kawar da shi shi ne ginshiƙan da suke fanko, domin farashi yakan sauka amma ba ya komawa sifili. Masu zazzaɓin cizon sauro ma ba sa ƙarewa ƙaf da rani, kuma yawansu yakan biyo bayan ruwan, ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi. Saboda haka wuraren da babu komai sun fi dogon ginshiƙin ba da labari, kuma su ne aka fi tsallakewa.

Duk wannan ya rataya ne a kan lambar da ke ƙasan layin tsaye na gefen hagu. Idan ba daga 0 ya fara ba, ko an yanke wurin, hujjar ta rushe, don ginshiƙin da ya zama kamar babu shi wataƙila yana bakin inda aka fara ƙirga ne kawai. Jadawalin da ya fara daga 90 zai nuna 100 ta ninka 95 tsawo, alhali bambancinsu biyar ne. Haka nan ba a tabbatar ginshiƙin farko Janairu ne ba, wasu ofisoshi shekarar lissafinsu daga wani wata take farawa. Shi ya sa ba a cewa "wannan ruwan saman Kano ne", sai dai a ce ya yi kama da shi, a faɗi dalili.

Saura sanin abin da mai tambaya yake bukata, wanda ya fi karanta hoton wuya. A duba ko ya yi da'ira ko ya ja kibiya a wani wuri, domin in ya zagaye ginshiƙi na takwas, dalilin tsawonsa yake nema, ba bayanin jadawalin duka ba. A duba maganar da ta gabata. Ɗalibin da ya ambaci jarrabawa yana son ya iya karanta irin wannan zane da kansa, wanda ya ce an turo masa a wani zaure kuwa yawanci so yake ya san ko maganar da aka liƙa wa hoton gaskiya ce. Shi wannan a gaya masa kai tsaye cewa hoto marar take da tushe ba ya tabbatar da komai, ko da siffarsa ta dace da labarin.

Kuskure biyu ne suka fi yawa. Wani yakan mayar da tambaya kawai, "me kake so ka sani?", mai tambaya ya tafi hannu rabbana. Wani kuma ya zuba dogon bayani kan damina, ashe hoton na cinikin wani shago ne da ke sayar da lema. Abin da ya fi aiki shi ne gajeriyar amsa da ta haɗa abin da aka gani da zaton da ya fi ƙarfi, sannan tambaya guda mai sauƙin amsawa: "Daga ina ka samo shi, kuma za ka iya sake ɗauko hoton har da rubutun sama da na gefe?" Sau da yawa taken yana nan a shafin asali, wajen ɗaukar hoton allo ne aka datse shi.