Yadda nake gane bashin da ya fara tsufa

Sana'ata raba kayan masarufi ce a sari, daga shagonmu da ke cikin garin Gombe zuwa ga masu shaguna a Kumo da Bajoga da Dukku, kuma kaso mai yawa na kayan da ke fita daga hannunmu bashi ne, bisa wa'adin kwana 14. Mai irin wannan sana'a yakan san jimillar kuɗin da yake bin kowane abokin ciniki, sai dai jimilla ba ta nuna shekaranjiya aka ɗauki kayan ko tun watanni uku da suka wuce, alhali nan ne haɗarin yake.

Saboda haka kowace takardar kaya da muka rubuta tana da layinta a Excel, ɗauke da sunan mai shago, lambar takardar, ranar da kaya suka fita, ranar cikar wa'adi da kuma abin da ya saura ba a biya ba. Ranar cikar wa'adi tana shafi na D, kuma daga ita ake ƙidaya, domin wanda wa'adinsa bai cika ba bai yi laifin komai ba:

```
=TODAY()-D2
```

Da adadin kwanakin da wannan ya bayar nake kasa takardun: waɗanda suka wuce wa'adi da kwana 1 zuwa 30, sai 31 zuwa 60, sai 61 zuwa 90, sai waɗanda suka haura 90. Duk ranar Asabar, kafin mu rufe, nakan zauna da akawunmu mu bi su layi-layi. Rukunin farko kiran waya ya ishe shi, ana gaisawa ana tuna wa mutum lambar takarda da adadin kuɗi. Takardar da ta shiga rukuni na biyu kuwa ni da kaina nake bibiyarta, kuma ba a ƙara ɗora wa mai ita kaya sai mun tsayar da ranar biya. Ba ma ƙara ko kwabo a kan bashi don ya yi jinkiri, tunda riba ce da addini ya hana, don haka tsayar da kaya a kan kari shi ne abin da muke da shi a hannu.

Inda na fi sa ido shi ne yadda ake rubuta kuɗin da ya shigo. Yawancin masu riƙe littafi sukan cire duk abin da aka biya daga takardar da ta fi daɗewa, kuma hakan yana da sauƙi, amma a ganina yana iya rufe matsala. Akwai wani mai shago a Kumo da ya ɗauki kayan naira 480,000 ranar 3 ga Maris, wa'adinsa ya cika ranar 17. Bayan haka ya ɗauki na 350,000, ya sake ɗaukar na 410,000, kuma duka biyun ya turo kuɗinsu cif-cif a kan lokaci. Da an cire waɗannan kuɗaɗe daga tsohuwar takarda, da ta goge tuni, littafi ya nuna mutum mai biya wanda ake binsa sabon bashi kawai. Da yake mun ɗora kowane kuɗi a kan takardar da ya yi daidai da ita, sai ga ta Maris tsaye ita kaɗai, ranar 30 ga Afrilu tana da kwana 44 bayan wa'adi.

Mutumin da ke biyan sabo ya tsallake tsoho ba rashin kuɗi ne ke damunsa ba, akwai abin da bai gamsu da shi ba a takardar. Na je har shagonsa, bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, na ga takardar Maris ta tsaya, ko akwai abin da ba mu kyauta ba?" Ya ce, "Ai Alhaji, katan shida na taliya a jiƙe suka iso, na kuma faɗa wa direba, ina jiran ku gyara lissafi ne." Ashe saƙon bai iso ofis ba, shi kuma kunya ta hana shi sake tayar da maganar. Kuɗin katan shidan naira 72,000 ne, amma sun riƙe mana 480,000 sama da wata guda. A nan take na rubuta masa takardar ragi, ya turo 408,000 a cikin makon.

Wannan lissafi yana da iyakarsa, domin kwanaki kawai yake ƙirgawa, ba ya faɗin dalili. Mai shagon ƙauye da cinikinsa ke ja baya da damina, lokacin da kuɗin manoma ke gona, zai iya faɗawa rukuni ɗaya da wanda shagonsa ke shirin durƙushewa, kuma ba a yi musu magana iri ɗaya. Shi ya sa muka ƙara shafi na ƙarshe, inda ake rubuta wanda aka kira, abin da ya ce da ranar da ya yi alkawari. Idan ranar ta wuce sau biyu ba a ga kuɗi ba, nakan nemi wanda ya tsaya masa lokacin da muka fara ba shi kaya, mu zauna mu uku a raba bashin kashi-kashi, kowa ya sa hannu.