Adaidaitar biya kaɗan-kaɗan a littafin mai saye da na mai sayarwa

Ni nake riƙe wa wani dilan babura lissahi nan Maradi, kuma da ya sayar wa wani mai gidan burodi adaidaita a kan biya kaɗan-kaɗan sai shi ma mai burodin ya ce in dinga duba mishi nashi littafin, to ka ga ciniki ɗaya na rubuta shi ta ɓangare biyu. Sharaɗin shi ne mashin na hannun mai saye yana aiki da shi, amma mallaka ba ta komawa gare shi sai ya yi biyan ƙarshe.

Kuɗin mashin in lakadan ne sefa 1,500,000. Ya ba da abans 300,000 ranar 1 ga Yuli, saura 1,200,000, aka shirya biya huɗu duk ƙarshen wata ukku, kowane 330,000. In ka tara 1,320,000 kenan, wato akwai 120,000 a sama, shi ne kuɗin ruwa ko da takardar ba ta kira shi haka ba.

Mai burodi so ya yi in rubuta mashin 1,620,000 tunda a cewarshi abin da zai fita aljihunshi kenan. Na ce Alhaji yi haƙuri, mashin 1,500,000 yake shiga, 120,000 ɗin nan kuɗin jira ne ba ƙarfe ba ne. Tsarin lissahin kamfanoni na SYSCOHADA da aka gyara, wanda ya fara aiki 2018, yana sa kayan cikin kadarorin mai saye tun ranar da ya karɓa ko da sunanshi bai hau takarda ba, mashin a asusu 245, bashin a asusu 17, ruwan kuma a 672. Ragin darajar tsufa ma a kan 1,500,000 ɗin ake yi, mun ɗauki shekara 3, wato 500,000 a shekara, wata shida na farko 250,000.

Inda aikin yake shi ne raba 120,000 ɗin. Kowa abin da ke fara zuwa mishi a raba huɗu, 30,000 kowane biya, amma ai bashin ba ɗaya yake ba, a wata ukku na farko ana bin shi 1,200,000 cur, a na ƙarshe ɗan abin da ya rage ne, ta yaya ruwansu zai zo daidai? Takardar ba ta faɗi kashi nawa cikin ɗari ba, don haka na yi da tara lambobin biya: 4+3+2+1=10. Biya na farko ya ɗauki 4 cikin 10, wato 48,000, na biyu 36,000, na ukku 24,000, na ƙarshe 12,000.

To daga 330,000 na farko cire 48,000, 282,000 ne kawai ya ci uwar kuɗi, bashi ya koma 918,000. Na biyu ya ci 294,000 saura 624,000, na ukku 306,000 saura 318,000, na huɗu 318,000 ya share shi tas. In ka zo ƙarshe ba ka ga sifili ba to akwai inda ka sa ruwa cikin uwa. Wannan hanyar kusantarwa ce dai, in an rubuta kashi a kwantaragi gara ka lissafa shi a kan ragowar bashi kowane karo.

Bambancin yana fitowa ranar rufe shekara 31 ga Disamba. Biya biyu suka faɗo cikin shekarar, ruwansu 84,000, da an raba daidai 60,000 za a gani, ribar mai burodi ta kumbura da 24,000 na ƙarya sannan baɗi ta rama.

A wajen maigidana abin juyawa yake. Ya sayo mashin 1,250,000, na rubuta ciniki 1,500,000, ribar kaya 250,000, kes ta karɓi 300,000, ana bin mai burodi 1,200,000. Ruwan nan da yake nauyi a can, nan shiga ce, amma shi ma 48,000 sai 36,000 yake shigowa, ba a haɗiye 120,000 rana ɗaya a kira shi riba, dilalai suna son yin haka sosai don lissahi ya yi kyau a ido. Duk bayan biya ina ɗora littattafan biyu gefe da gefe, abin da wancan ya ce ana bin shi dole ya zama abin da wanga ya ce yana bi.

Da a ce mai burodi ya kasa bayan biya na biyu aka ɗauke mashin, 624,000 ne bashin da ke littafi ba 660,000 ba, don 36,000 na sauran wata shida ba a kai gare shi ba. Sai a kimanta mashin yadda yake a ranar, in 550,000 ya yi a kasuwa maigidana ya rubuta asarar 74,000, mashin ya koma cikin haja a 550,000 ɗin.