Dogarin da yake rawa a bayan ginshiƙi

A wasan saɗaɗe da nake ginawa da manhajar ƙera wasannin kwamfuta ta Godot 4 a nan Katsina, ɗan wasa zai ratsa tsohon gari daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Soro ba tare da dogari ya gan shi ba. Da sitet mashin na fara, wato tsarin da dogari yake cikin yanayi ɗaya tal a kowane lokaci: sintiri, zargi, bincike, kora ko komawa wurin aiki. Yanayi 5 ba sa buƙatar hanyoyin sauyi fiye da 20, 5 sau 4 ke nan.

Sai na ƙara masa jin faɗuwar dutse, ganin fitila ta mutu, tarar da ƙofa a buɗe, kiran 'yan'uwa da sauransu, har yanayi suka kai 12. Hanyoyin da za su iya yiwuwa suka zama 132. Ba duka ake rubutawa ba, amma kowace sai ka yanke mata hukunci. Na manta guda ɗaya, daga komawa zuwa kora, dogari ya riƙa wuce ɓarawo ido cikin ido kamar maƙwabcinsa ne.

Sai na koma bishiyar ɗabi'a, wato tsarin da ake jera ayyukan dogari a matsayin rassa. Ita ta kashe wannan matsalar, domin fifiko take bi daga sama zuwa ƙasa:

```
Selector
  Sequence: ina_gani? -> kora
  Sequence: na_ji_motsi? -> bincika
  sintiri
```

`Selector` yana gwada rassa ɗaya bayan ɗaya har ya sami wanda bai dawo da `FAILURE` ba, wato wanda bai faɗi ba. `Sequence` kuma sai sharaɗi ya cika yake wucewa zuwa aikin da ke gabansa. Sabon martani reshe ne kawai, ka soka shi inda darajarsa ta kai.

To, amma tana da nata ciwon. Na sa ta sake duba sharuɗɗa daga tushe sau 10 a daƙiƙa, don kora ta iya katse sintiri. Da ɗan wasa ya laɓe bayan ginshiƙin zaure, `ina_gani?` ya faɗi, dogari ya juya sintiri. Taku ɗaya ya sake hango shi, ya juyo. Haka ya yi ta rawa a wuri guda. Alamar ita ce ka ga `kora` tana dawo da `RUNNING`, wato aiki bai ƙare ba, ana katse ta, tana sake farawa. Sharaɗin yanzu-yanzu kawai yake gani, ba ya tuna komai.

Maganin, abin dariya, sitet mashin ne, amma ƙarami: natsuwa, zargi, farauta. Na ajiye lambar zargi daga 0 zuwa 100 a allon bayanan dogari. Yana shiga farauta a 60, ba ya fita sai ta sauko ƙasa da 30, kuma ba ta fara sauka sai bayan daƙiƙa 3 da ɓacewar ɗan wasa. Tazarar nan tsakanin 60 da 30 ita ta hana rawar. Reshen farko ya koma tambayar `ina_farauta?`, dogari kuma ya nufi inda ya yi wa ɗan wasa ganin ƙarshe, ba inda yake a zahiri ba.